Gwanintar Zaƙulo Mutum Ɗaya Cikin Biliyan

Akwatin bincike na LinkedIn iri ɗaya ne ga kowa. Wanda ya buɗe asusu jiya da wanda ya shekara goma yana nemo wa kamfanoni ma'aikata, fili guda ake ba su a saman shafi su rubuta abin da suke so. Na farkon zai rubuta kalma biyu, a zubo masa dubban sunaye, ya yi ta gangarawa har idonsa ya gaji bai ga wanda zai kira ba. Na biyun kuwa cikin awa guda ya tara mutum ashirin ko talatin, kowannensu yana riƙe da muƙamin da ake nema, a fannin da ake nema, a yankin da ake nema. Abin da ya fi burge ni ma shi ne, idan ka tambaye shi zai iya faɗa maka su wane ne bincikensa ya tsallake, da dalilin da ya sa ya tsallake su.

Wannan gwaninta ce ta gaske, kuma tana da tushe. An buɗe LinkedIn a 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016, kuma a 2023 ya sanar cewa masu rajista a cikinsa sun kai biliyan ɗaya. Amma dabarar da ake tace wannan taron jama'a da ita ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. George Boole, Bature ɗan Ingila wanda ya koyar da lissafi a birnin Cork na ƙasar Ayalan, shi ne ya nuna a littafinsa na 1854 cewa ana iya sarrafa tunani da ƙa'idoji irin na lissafi: wannan da wancan, wannan ko wancan, wannan ban da wancan. Waɗannan ukun su ne `AND` da `OR` da `NOT` da ake rubutawa a akwatin bincike yau. Yaro ɗan sakandare zai iya haddace su cikin minti biyar. To, in haka ne, ina gwanintar take?

Tana wurin fahimtar abu guda wanda yawancin masu nema ba sa tsayawa su lura da shi. Na'urar bincike ba ta san mutane ba. Kalmomin da mutane suka rubuta game da kansu kawai take gani. Saboda haka gwani ba ya fara da tambayar wa nake nema. Yana fara da tambayar: mutumin da nake nema, da wane suna yake kiran aikinsa, kuma waɗanne kalmomi ne ba makawa sai sun fito daga bakinsa? Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki.

A ce wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kano yana neman wanda zai shugabanci sashen kula da inganci. Mai kamfanin ya kira mai nemo ma'aikata ya ce masa, "Malam, manajan kwaliti nake so, wanda ya san shinkafa." Sabon shiga zai ruga ya buɗe kwamfuta. Gwani zai gyara zama ya yi tambayoyi. "Ranka ya daɗe, me zai riƙa yi daga safe zuwa yamma?" Amsar ita ce za ta ba shi kalmomin nema. Mutumin zai riƙa duba shanshera idan motoci sun kawo ta, ya auna danshinta, domin wadda ta wuce kusan kashi 14 cikin ɗari ba ta ajiyuwa lafiya. Zai sa ido a wurin turarawa da busarwa. Zai ƙididdige yawan karyayyar ƙwaya a cikin buhu. Shi ne zai tarbi jami'an NAFDAC da na SON idan sun zo duba masana'anta, kuma shi ke riƙe da takardun tsarin kiyaye lafiyar abinci irin su HACCP da ISO 22000. Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko amfani: "In an samu wanda ya yi wannan aikin a kamfanin fulawa ko na taliya, za ka karɓa?" Idan mai kamfani ya ce zai karɓa, filin nema ya faɗaɗa ninki da yawa. Idan ya ce sai shinkafa, gwani ya san tun yanzu cewa mutanen ba su da yawa, kuma duk wanda ya kuɓuce masa asara ce.

Bayan haka ma ba ya fara rubuta dogon layin bincike. Yakan nemo shafukan mutum uku ko huɗu waɗanda ya tabbata suna yin wannan aikin a wasu kamfanonin, ya karanta su a tsanake kamar mai bitar darasi. Ba don ya ɗauke su aiki ba, don ya ji yarensu. A nan zai tarar cewa aiki ɗaya yana da sunaye barkatai. Wani ya rubuta `Quality Control Manager`, wani `Quality Assurance Manager`, wani ya taƙaita ya ce `QA/QC`, wani `Head of Quality`, wani kuma `Quality Controller` ko da yake shi ne shugaban sashen gaba ɗaya. A ƙananan masana'antu ma za ka samu wanda ke ɗauke da duk nauyin inganci amma muƙaminsa a rubuce `Lab Analyst` ne ko `Chemist`. Duk wanda ya nemi suna ɗaya tak daga cikin waɗannan ya rufe ƙofa a kan sauran ba tare da ya sani ba.

Yanzu ne ake gina layin farko, kuma da `OR` ake gina shi:

```
"quality control" OR "quality assurance" OR "head of quality" OR QC OR QA
```

Akwai ƙananan ƙa'idoji a nan da suke kayar da mutane kullum. LinkedIn yana son a rubuta `AND` da `OR` da `NOT` da manyan baƙaƙe, in ba haka ba sai ya ɗauke su kalmomi ne kamar sauran. Alamar zance da ke kewaye da `"quality control"` tana cewa a nemo kalmomin biyu a jere kamar yadda suke. In aka cire ta, wanda ya rubuta kalma ɗaya a sama ɗaya a ƙasa ma zai iya shigowa. Kuma alamar ta zama miƙaƙƙiya: wadda Word ke lanƙwasawa da kansa takan ɓata bincike idan aka kwafo ta, shi ya sa masu wannan sana'a suke ajiye layukansu a Notepad.

Inda aka zuba layin ma yana da muhimmanci kamar layin kansa. Idan ka zuba shi a babban akwatin da ke sama, za a duba maka ko'ina a shafin mutum: aikinsa na yanzu, wanda ya bari shekara takwas da suka wuce, da bayanin da ya yi game da kansa. Idan kuwa ka danna `People`, ka buɗe `All filters`, ka gangara ƙasa zuwa `Keywords`, za ka ga wani fili mai suna `Title`. Abin da aka sa a nan a muƙami ake nemansa. Gwani yakan sa sunayen muƙami a `Title`, ya bar babban akwati domin kalmomin sana'a. Wannan rabon aiki shi kaɗai yana kawar da tarin mutanen da suka ambaci inganci a wucewa kawai, irin ɗan kasuwar da ya rubuta cewa kayansa masu inganci ne.

Sai maganar gari. Abin da hankali zai fara kawowa shi ne a ƙara `Kano` a cikin kalmomin nema. A wannan fannin musamman, yin haka tarko ne. Akwai wani farfesa ɗan Japan, Noriaki Kano, wanda a 1984 ya fitar da wani tsari na auna gamsuwar masu sayen kaya, kuma har yau masana inganci a duk duniya suna kiran tsarin da sunansa, suna kuma rubuta shi a jerin abubuwan da suka iya. Ka haɗa kalmar inganci da `Kano` a babban akwati, sai ka ga mutanen Indiya da Jamus da Brazil sun cika maka shafi, ba wanda ya taɓa taka Sharada ko Challawa a cikinsu. Gwani ba ya rubuta sunan gari a matsayin kalma. Yakan je matatar `Locations` ya zaɓi Kano a can, domin ita wurin zaman da mutum ya bayyana take dubawa. Kuma tun da shinkafa ba a Kano kaɗai ake sarrafa ta ba, zai ƙara Jigawa da Kebbi da Kaduna. Ya san yadda matatun suke aiki: abubuwa biyu da aka zaɓa a cikin matata ɗaya `OR` ne a tsakaninsu, wato Kano ko Kebbi, amma tsakanin matata da matata `AND` ne, wato muƙamin da kuma garin. Ma'anar wannan ita ce duk sabuwar matatar da ka kunna rage mutane take yi, ba ta taɓa ƙarawa.

A wurin fanni ne nake ganin an fi bambanta gwani da ɗan koyo. Akwai matatar `Industry`, kuma a cikinta akwai `Food and Beverage Manufacturing`, wanda a ido ya yi daidai da abin da muke nema. Ɗan koyo zai danna shi ya ji ya gama. Matsalar ita ce wannan laƙabin ba wani ne ya bincika ya tabbatar da shi ba. Zaɓa ake yi daga wani dogon jeri, kuma mutane da kamfanoni sukan zaɓa yadda suka ga dama. Wani kamfanin shinkafa ya sa kansa a `Farming`. Wani ma'aikacin ya zaɓi fanninsa tun yana hidimar ƙasa a asibiti, bai sake komawa ya gyara ba. Idan ka dogara da matatar, duk waɗannan sun ɓace maka, kuma babu wata alama da za ta fito a allo ta gaya maka sun ɓace.

Saboda haka gwani yakan kama fanni ta hanyoyi biyu da suka fi wannan aminci. Ta farko ita ce kalmomin da sai ɗan cikin sana'a ke furta su. A babban akwati zai rubuta:

```
(rice OR paddy OR parboiling OR parboiled) AND (HACCP OR NAFDAC OR "ISO 22000")
```

Dubi aikin baka biyu a nan. LinkedIn yana fara warware abin da ke cikin baka, sannan `NOT`, sannan `AND`, sannan `OR` a ƙarshe. Da an rubuta `HACCP AND rice OR paddy` ba baka, abin da na'ura za ta fahimta shi ne: a kawo wanda ya haɗa biyun farko, ko kuma duk wanda ya ambaci ta ukun ko da bai san komai game da abinci ba. Alamar wannan kuskuren a bayyane take. Ka ƙara sharaɗi, maimakon adadin sakamako ya ragu sai ya yi tsalle ya ƙaru. Duk lokacin da gwani ya ga haka, baka yake fara dubawa. Ka kuma lura an rubuta `parboiling` da `parboiled` kowanne daban, domin LinkedIn ba ya karɓar alamar tauraro da wasu rumbunan bayanai ke amfani da ita wajen cike ƙarshen kalma.

Hanya ta biyu ita ce ta kamfanoni. Gwani zai zauna ya jera duk masana'antun shinkafa da ya sani a jihohin nan, ya tambayi mai kamfani da dillalan shanshera su cika masa waɗanda ya manta, sannan ya zuba su ɗaya bayan ɗaya a matatar `Current company`. Yanzu ba ya buƙatar mutum ya rubuta kalmar shinkafa ko sau ɗaya, wurin aikinsa ya riga ya faɗa. Daga nan sai ya kwashe jerin ya mayar da shi `Past company`. Wannan juyin yana fito da wasu mutane masu daraja: waɗanda suka yi shekaru a shinkafa, suka koma kamfanin lemo ko na madara a Legas ko Ogun, waɗanda wataƙila in an yi musu tayi mai kyau za su dawo. A irin wannan neman dole a kashe matatar gari, in ba haka ba an rufe su a waje.

To, an danna, sakamako ya fito. A ce mutum ɗari huɗu. Ɗan koyo zai fara aika saƙo daga na farko. Gwani zai karanta shafi biyu ko uku na sakamakon yana neman abu guda: su wane ne baƙin da suka shigo, kuma ta wace ƙofa? A misalinmu zai ga iri biyu. Akwai masu gwada manhajar kwamfuta, domin su ma `QA` suke kiran kansu. Akwai injiniyoyin gine-gine da na bututun mai, domin su ma `QA/QC` ne muƙaminsu. Sanin ƙofar shi ke nuna maganin. Mafi sauƙi shi ne a sa `NOT software` a huta. Amma gwani yana tsoron `NOT` fiye da sauran biyun, kuma yana da hujja. Idan aka sa shi a babban akwati, duk shafin da kalmar ta fito a cikinsa za a jefar, har da na ƙwararriyar masaniyar abinci wadda ta ambata cewa ta iya aiki da wata manhajar ɗakin gwaji. Haka `NOT assistant` zai iya kore manajan da ya fara aiki a matsayin mataimaki shekara goma sha biyu da suka wuce, wato dai mutumin da ya hau tsanin tun daga ƙasa, irin wanda ake nema ruwa a jallo. Don haka in zai yi amfani da `NOT`, a filin `Title` yake sa shi, inda ɓarnarsa ba ta da yawa. Mafi yawan lokaci ma ba ya korar baƙi da `NOT`. Yakan ƙarfafa sharaɗin sana'a ne, domin mai gwada manhaja ba zai rubuta `HACCP` a shafinsa ba.

A ce bayan wannan gyaran an sauko zuwa mutum talatin da biyar, kuma kusan dukkansu sun dace. A nan ne kowa zai ce aiki ya yi kyau. A nan ne kuma gwani yake fara rabi na biyu na aikinsa, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami.

Duk bincike yana da ma'auni biyu. Na farko: cikin waɗanda suka fito, nawa ne suka dace? Wannan ido yana ganinsa. Na biyu: cikin duk waɗanda suka dace, nawa ne suka fito? Wannan ba ya ganuwa, domin wanda bai fito ba ba ya ɗaga hannu. Lamarin kamar tankaɗe ne: garin da ya sauka a faranti kana ganin laushinsa, amma sai ka leƙa cikin rariya za ka san yawan abin kirkin da ya maƙale tare da tsaki. A 1985 wasu masana biyu, David Blair da M. E. Maron, suka wallafa wani nazari da har yau ake koyar da shi. Sun bi diddigin lauyoyin da ke neman hujjoji da kalmomi a cikin takardu kusan 40,000 na wata babbar shari'a a Amurka. Lauyoyin ba sa tsayawa sai sun gamsu cewa sun samo aƙalla kashi 75 cikin ɗari na takardun da suka shafi batun. Da aka auna, abin da suka samo kusan kashi 20 ne. Babban dalilin shi ne mutane suna kiran abu ɗaya da sunaye daban-daban: abin da wani ya kira haɗari, wani ya kira shi matsala, wani ya ce abin da ya faru kawai. Lauyoyin ba sakarkaru ba ne. Sakamakon da ke gabansu mai kyau ne, shi ya sa suka ɗauka ya cika.

Mai neman ma'aikata da ya san wannan yana da gwaje-gwaje biyu. Na farko mai sauƙi ne. Waɗancan mutum uku ko huɗu da ya karanta shafukansu tun farko, waɗanda ya tabbata sun dace, shin suna cikin talatin da biyar ɗin? Idan biyu daga cikin huɗu ba su fito ba, to ya san layinsa yana zubar da mutane da yawa, kuma zai koma shafin kowannensu ya gano wane sharaɗi ne ya kayar da shi. Sau da yawa zai tarar mutumin bai sa Kano a wurin zama ba, Nijeriya kawai ya rubuta, ko ya bar adireshin hedikwatar kamfaninsu.

Gwaji na biyu shi ne wanda na fi sha'awa, domin a nan ne `NOT` mai haɗari yake zama abokin aiki. Gwani zai bar kalmomin sana'a yadda suke, ya bar matatar gari, sannan ya juya layin muƙami ya kore duk sunayen da ya riga ya nema:

```
(rice OR paddy OR parboiling OR parboiled) AND (HACCP OR NAFDAC OR "ISO 22000") NOT ("quality control" OR "quality assurance" OR "head of quality" OR QC OR QA)
```

Abin da ya rage su ne mutanen da ke magana da yaren sana'ar amma ba sa kiran kansu da sunayen da ya zata. Yawancinsu ba za su dace ba. Amma a cikinsu zai tsinci `Food Safety Officer`, ya tsinci `Compliance Manager`, ya tsinci `Production Manager` wanda a masana'antarsu shi ke riƙe da inganci da samarwa gaba ɗaya. Duk sabon sunan da ya tsinta sai ya ƙara shi a layin `OR` na farko, ya sake nema, ya sake korewa. Yana maimaitawa har sai juyin ya daina fito da sabon suna. A lokacin ne kawai yake yarda cewa ya kusa ƙure abin da ke wurin. Talatin da biyar ɗin nan za su iya zama hamsin, kuma sha biyar ɗin da suka ƙaru su ne waɗanda sauran masu nema ba su taɓa aika musu saƙo ba, domin kowa layi ɗaya yake rubutawa, mutane ɗaya yake gani.

Kayan aikin suna da iyaka, kuma gwani ya san inda bangon yake. LinkedIn na kyauta ba ya nuna fiye da sakamako 1,000 a bincike guda, wato shafi 100 na mutum goma-goma, ko da adadin da ya rubuta a sama ya ninka haka. Maganin shi ne a yanka binciken jiha-jiha ko kamfani-kamfani. Yana kuma da iyakar yawan binciken mutane da asusun kyauta zai yi a wata, idan aka cinye sai an jira farkon wata mai zuwa, shi ya sa ake tsara layi a takarda kafin a danna. Layin da ya cika tsawo yakan ƙi tafiya, sai a raba shi biyu. Sannan jerin da kake gani ya danganta da mutanen da kake da alaƙa da su a dandalin: ni da kai za mu rubuta layi ɗaya mu ga jeri daban, kuma wanda ya yi maka nisa sosai wani lokaci ko sunansa ba za a nuna maka ba, sai dai `LinkedIn Member`.

Idan aka kai bango, akwai ƙofar baya ta Google, wadda ke duba shafukan da masu su suka bari a buɗe ga kowa:

```
site:linkedin.com/in "quality assurance" rice OR paddy "Kano State" -software
```

Ƙa'idojin nan sun ɗan bambanta. Google ba ya amfani da `NOT`, alamar ɗebewa ake mannawa a jikin kalma ba tazara. Ba ya buƙatar `AND`, domin tazara tsakanin kalmomi ta wadatar. `OR` kuwa abin da ke damansa da hagunsa yake haɗawa. Kuma yana tsayawa a kalma 32, abin da ya wuce haka ba ya karantawa. Wannan hanyar ba komai take gani ba, domin abin da mutum ya ɓoye daga idon jama'a Google ba zai gan shi ba. Amfaninta shi ne ba ruwanta da wa ka sani.

Akwai kuma iyakar da ba wani layi da zai tsallake ta. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi kowa sanin shinkafa a masana'antun Arewa ba su da shafi a LinkedIn, ko sun buɗe sun rubuta suna da muƙami sun tafi. Gwani ba ya ruɗin kansa cewa allo ya ƙunshi duniya. Jerin da ya tara mafari ne. Idan ya yi magana da mutum biyar daga ciki, kowannensu zai tambaye shi, "Wa ka sani da ya iya wannan aikin, ko da ba ya neman canji?" Zai kuma leƙa inda 'yan sana'ar ke taruwa, irin ƙungiyar masana kimiyyar abinci ta Nijeriya, NIFST. Matambayi ba ya ɓata, kuma binciken kirki shi ke nuna maka wanda ya kamata ka fara tambaya.

Ina ƙara girmama masu wannan aiki idan na ga yadda nagartattunsu ke riƙe abin da suka samo. Sunayen nan na mutane ne masu aiki a hannu da iyali a gida. Gwani ba ya sa manhajar da ke kwashe bayanan jama'a da yawa a ɓoye, abin da dokokin LinkedIn suka hana, kuma Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023. Ba ya tace mutane da ƙabila ko addini ta hanyar duba sunayensu. Idan zai aika saƙo, gajere yake rubutawa, ya faɗi ko shi wane ne, ya ambaci abin da ya gani a shafin mutumin wanda ya sa ya neme shi, ya bar masa damar ya ce a'a. Ba ya kiran layin ofishin mutum ya jefa shi cikin matsala da maigidansa. Wanda ya sha wahalar gano cewa wata baiwar Allah ta yi shekara shida tana kula da turara shinkafa, ba zai aika mata saƙon da ya aika wa mutum ɗari ba.

Kai kuma mai karatu, in kana cikin waɗanda ake nema ne ba masu nema ba, duk abin da aka faɗa a sama ya shafe ka ta ɗaya gefen. Buɗe shafinka yau ka duba. Rubuta muƙaminka a cike, ka sa taƙaitaccensa a gefe. Sa jihar da kake zaune a cikinta. Zaɓi kamfaninka daga jerin da dandalin ke nunawa maimakon ka rubuta sunan da hannu, domin matatar kamfani ta gan ka. Sannan ka ambaci ainihin abubuwan da kake yi da sunayen da 'yan sana'arku ke kiran su, kayan da kake sarrafawa, injinan da ka iya, da takardun shaidar da kake riƙe da su.